Wasiƙar da malamina ya rubuto mini kan duba amsar intigiral: shin da gaske hanyar tana aiki a ko'ina?

Ɗan_Aji_Ɗaya

Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina aji ɗaya a sashen injiniyancin lantarki, kuma gwajin kalkulas da muka yi a tsakiyar zango bai yi mini kyau ba ko kaɗan, duk da cewa na fito daga ɗakin ina ganin na ci yawancin tambayoyin. Na kai takardata wurin malamin da yake yi mini lesin da yamma, ya tafi da ita gida, washegari ya dawo mini da ita tare da wasiƙar da ya rubuta da hannunsa. Da izininsa na kwafo ta nan.

"Ƙanena, na duba takardarka layi bayan layi, kuma abin da na gani ya bambanta da abin da kake zato. Ka san hanyoyin, domin a tambaya huɗu daga cikin biyar ka zaɓi hanyar da ta dace. Inda makinka yake zubewa shi ne kana rubuta amsa ka wuce, alhali amsar intigiral tana ɗauke da shaidarta a jikinta. Idan an ce ka nemo intigiral na wani abu, ana tambayarka ne wane fanshan ne idan aka yi masa difarenshiyeshan zai ba da wannan abin. Saboda haka da zarar ka samu amsa, ka yi mata difarenshiyeshan, ka ga ko ta mayar da kai inda ka taso. Duba tambayarka ta uku. Ga abin da ka rubuta, ga kuma abin da yake fitowa idan aka duba shi:

```
∫ x e^(2x) dx = (x/2)e^(2x) + (1/4)e^(2x) + C
d/dx: (1/2)e^(2x) + x e^(2x) + (1/2)e^(2x)
    = x e^(2x) + e^(2x)
```

An ba ka x e^(2x), amma amsarka ta dawo da shi tare da rarar e^(2x). Kada ka tsaya a cewa amsar ba daidai ba ce, ka tambayi rarar daga ina ta fito. Ta fito ne daga rabi biyu da ya kamata su cinye juna amma suka haɗu, wanda ke nuna cewa ɗaya daga cikinsu alamarsa ta juye. Ka mayar da +1/4 ya zama −1/4, rarar za ta ɓace. Layi biyu ne kacal, kuma da ka rubuta su da ba ka rasa makin nan ba. Daga yau ba na so in ga ka ja layi a ƙarƙashin kowace amsar intigiral kafin ka yi mata wannan."

Tambayata ita ce, shin da gaske wannan yana aiki a kowace amsa kamar yadda ya faɗa, kuma akwai lokacin yin haka a ɗakin jarrabawa?

Malam_Mai_Alli

Wa alaikumus salam. Malaminka ya san aikinsa, kuma jimlar da ta fi kowace daraja a wasiƙar ita ce wadda ya ce ka tambayi rarar daga ina ta fito. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma na lura ɗalibai da yawa idan suka duba suka ga bai dace ba, sai su soke shafin gaba ɗaya su faro daga farko, sannan su sake faɗawa ramin da suka fito daga ciki. Yanayin saɓanin yana gaya maka irin kuskuren. Idan abin da ya dawo ya yi daidai da tambayar amma an ninka shi da wata lamba, to ka manta da abin da ke fitowa daga cikin baka ne. Misali wanda ya rubuta cewa intigiral na cos(3x) shi ne 3sin(3x), in ya duba zai ga 9cos(3x), wato ya yi yawa har sau tara, sai ya raba amsarsa da tara ya samu (1/3)sin(3x) ba tare da ya sake aikin ba. Idan kuwa rara ce ta fito kamar taka, yawanci alama ce ta juye a hanyar u da dv.

Dalilin da ya sa dubawar take da arha shi ne difarenshiyeshan aiki ne mai tsayayyun dokoki, duk wanda ya bi su zai kai ƙarshe. Intigireshan kuwa akwai hasashe a cikinsa, sai ka zaɓi hanya ka gwada. Kana amfani da aiki mai sauƙi ne wajen sa ido a kan mai wuya.

Bazazzagi_92

Ni ma haka nake yi, kuma na ƙara sauƙaƙa wa kaina aikin. Duk abin da ya fito a matsayin ƙari idan na duba, sai in raba amsata da shi, shi ke nan ta gyaru. Misali idan aka ba ni 1/(x²+1), sai in rubuta ln(x²+1), in na duba zan ga 2x ya fito a sama, sai in raba da 2x.

Malam_Mai_Alli

Bazazzagi, ka yi haƙuri, a nan ka zame, kuma zamewar da ta fi yawa ce a tsakanin ɗaliban aji ɗaya. Rabawa tana halatta ne idan ƙarin lamba ce tsayayya, kamar tara ɗin da na ambata, saboda lamba tsayayya tana wucewa ta cikin difarenshiyeshan ba tare da ta canza komai ba. Amma 2x ba tsayayye ba ne, yana canzawa da x, don haka da zarar ka sa shi a ƙasa shi ma sai an yi masa nasa difarenshiyeshan ɗin. Ka yi wa sabuwar amsar taka gwajin da muke magana a kai ka gani:

```
d/dx [ ln(x²+1)/(2x) ] = 1/(x²+1) − ln(x²+1)/(2x²)
```

Yanki na farko shi ne abin da kake nema, amma ga wani yanki na biyu ya biyo shi wanda babu shi a tambayar. Amsar gaskiya ita ce arctan(x) + C, kuma babu wata rabawa da za ta kai ka gare ta daga ln. Abin da ya faru shi ne ka duba amsar farko, ka gyara, amma ba ka duba gyaran ba.

Bazazzagi_92

Na gwada yanzu a takarda, kuma yanki na biyun ya fito kamar yadda Malam ya rubuta. Na gode. Abin takaici shi ne na koya wa abokan karatuna biyu wannan dabara, yanzu sai in je in warware musu.

Injiniyar_Ruwa

Ina da ja a kan kalma ɗaya a wasiƙar, wato "kowace". Ba na musun amfanin hanyar, amma ƙanenmu ya tambaya ko tana aiki a ko'ina, kuma amsar ita ce a'a. Akwai kurakuran da difarenshiyeshan ba ya gani sam. Ɗauki wannan:

```
∫ daga −1 zuwa 1 na (1/x²) dx
F(x) = −1/x,  F(1) − F(−1) = −2
```

Idan ka duba F, za ta ci gwajin, domin difarenshiyeshan na −1/x shi ne 1/x² ba ragi ba ƙari. Duk da haka −2 ba amsa ba ce. Fanshan 1/x² bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, to ta yaya faɗin filin da ke ƙarƙashinsa zai zama ƙasa da sifili? Matsalar tana wurin x = 0, wanda yake tsakiyar iyakokin biyu, inda fanshan ɗin yake tashi sama ba iyaka. Wannan intigiral ba shi da ƙima da za a iya rubutawa, kuma ƙa'idar da ta ba mu damar cire F(a) daga F(b) tana da sharaɗin cewa fanshan bai tsinke ba a tsakanin a da b. Wanda ya dogara da dubawar malamin kaɗai zai ja layi ƙarƙashin −2 da natsuwar zuciya, kuma natsuwar ta fi kuskuren haɗari.

Uwar_Biyu

Ku gafarce ni, ni ba fannina ba ne, ɗana ne yake aji ɗaya kuma nake bibiyar irin waɗannan tattaunawa saboda shi. Abin da ban gane ba shi ne, a littafinsa na ga amsoshi da yawa lambobi ne kawai, kamar 78 ko 4. Ya gaya mini cewa difarenshiyeshan na kowace lamba sifili ne. To idan ya duba 78 ya samu sifili, ke nan amsar ba daidai ba ce?

Malam_Mai_Alli

Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ɗalibai ma suna ruɗewa a nan. Ba lambar ƙarshe ake dubawa ba. Intigiral mai iyakoki mataki biyu ne: da farko a samo fanshan F, sannan a sa iyakokin a cikinsa a samu lamba. Dubawar malamin tana shiga ne tsakanin matakan biyu, wato a duba F tun yana ɗauke da x ɗinsa. Da zarar an sa lambobi, ƙofar ta rufe.

Wannan kuma ya ƙarfafa maganar Injiniya, domin duk kuskuren da aka yi a mataki na biyu yana bayan shingen. Tunda kin ambaci 78, ga wata tambaya da amsarta ke nan: intigiral na x(x²+1)³ daga 0 zuwa 2. Ɗalibi ya sa u = x²+1, ya samu u⁴/8, wanda daidai ne. Amma iyakokin 0 da 2 na x ne, a wurin u sun koma 1 da 5. Wanda ya sauya su zai samu (625 − 1)/8, wato 78. Wanda ya manta ya bar 0 da 2 zai samu 16/8, wato 2. Dukansu F ɗinsu ɗaya ne kuma ya ci gwaji. Abin da zai ceci na biyun shi ne ya leƙa girman fanshan ɗin: a x = 1 ƙimarsa 8 ce, a x = 2 ta kai 250, kuma hawa yake yi, don haka daga 1 zuwa 2 kaɗai filin ya haura 8. Amsar 2 ba za ta yiwu ba.

Amma zan ɗan kare malamin. Yaron da ya rasa maki saboda juyewar alama yake wa magana, ba taron masana ba, kuma duk tambayoyin da ke takardar, bisa misalin da ya kawo, marasa iyakoki ne. A wannan fage maganarsa ba ta da aibi.

Injiniyar_Ruwa

Malam, na yarda da uzurin, amma ban janye jan ba. Ɗalibi yana riƙe jimlar da aka gaya masa da ƙarfi ya manta da mahallinta, kuma zango mai zuwa zai haɗu da masu iyakoki. Da ni ce na rubuta wasiƙar, da na ƙara layi ɗaya cewa gwajin yana tabbatar da F ne kawai.

Mai_Gyaran_Inbata

Ni abin da ya taɓa cin mini tuwo a ƙwarya shi ne C ɗin nan da kowa yake rainawa, kuma shi ma gwajin ba ya ganinsa, tunda difarenshiyeshan yana shafe shi ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ɗan_Aji_Ɗaya, tunda lantarki kake karanta, ka saurara. Ƙarfin wutar da ke kan kafasita ana samunsa ne ta intigiral na kwararar wutar da ke shiga cikinta a raba da girmanta, sannan a ƙara wutar da take ɗauke da ita tun farko. Wannan wutar ta farko ita ce C ɗin intigiral. A wani aikin ɗakin gwaji da muka yi lokacin ina ɗalibi, lissafina ya riƙa saɓa wa abin da mita take nunawa da kusan adadi ɗaya a kowane awo, na duba amsata ta hanyar malaminka har sau uku tana cin gwaji. Ashe kafasitar ba a sauke mata caji ba bayan rukunin da ya riga mu, ni kuwa na ɗauka daga sifili ta fara. Saɓanin da bai canzawa daga awo zuwa awo alama ce ta C, kuma ba a samo shi sai daga yanayin farko na abin da ake aunawa.

Ɗan_Aji_Ɗaya

Na gode ƙwarai, ina rubuta duk waɗannan. Ga wata matsala da ta same ni daren jiya ina gwada hanyar. Na yi intigiral na sin(x)cos(x) na samu sin²(x)/2 + C, na duba ya dawo daidai. Amma amsar da ke bayan littafi ita ce −cos(2x)/4 + C, abokina kuma ya samu −cos²(x)/2 + C. Na shafe kusan awa ɗaya ina neman kuskurena. Wane ne ya yi daidai a cikinmu?

Tsohon_Ɗalibi

Ku ukun duka kun yi daidai, kuma a ganina nan ne hanyar malaminka ta fi amfani, fiye ma da kama kuskure. Ka yi wa kowace difarenshiyeshan. Taka ta ba da sin(x)cos(x) kai tsaye. Ta abokinka ma haka, saboda alamar ragi biyu sun cinye juna. Ta littafi ta ba da sin(2x)/2, wanda shi ne sin(x)cos(x) a wata riga. Idan ka cire ta abokinka daga taka za ka samu (sin²(x) + cos²(x))/2, wato rabi cif, tsakanin taka da ta littafi kuwa rubu'i ne. Bambancin lamba ce tsayayya, kuma C yana haɗiye ta. Awar da ka ɓata ta tafi ne saboda ka fi amincewa da bayan littafi fiye da gwajin da ka yi da hannunka. Ni ma na yi shekara guda a haka kafin in gane cewa fanshan biyu da suke da difarenshiyeshan iri ɗaya a kan tazara guda ba sa bambanta sai da lamba tsayayya.

Kanawa_Sun_Iso

Duk wannan wahalar ta mece ce alhali kalkuleta tana yi? Casio fx-991ES tana da maɓallin intigiral, ka danna ta ba ka amsa.

Tsohon_Ɗalibi

Ɗan'uwa, wannan maɓallin lamba yake bayarwa, kuma sai an ba shi iyakoki. Ba zai rubuto maka (x/2)e^(2x) − (1/4)e^(2x) ba, kuma wannan shi ne abin da ake tambayar ƙanenmu. Amma ka tuno mini da wani abu mai amfani. Akwai ƙorafin da ba wanda ya ɗaga har yanzu, wato ɗalibin da intigireshan yake ba shi wuya sau da yawa difarenshiyeshan ɗinsa ma ba ƙwari gare shi ba. Wanda ya manta 2 da ke fitowa daga e^(2x) a tafiya zai iya sake mantawa da shi a dawowa, kurakuran biyu su rufa wa juna asiri. Maganin wannan shi ne duba da lambobi, wanda ba ya bukatar kowace doka. Ka zaɓi wuri, ka matsa kaɗan, ka ga nawa F ta canza:

```
F(x) = (x/2 − 1/4)e^(2x)
(F(1.001) − F(1)) / 0.001 ≈ 7.40
x e^(2x) a x = 1:  e² ≈ 7.39
```

Sun yi kusa sosai, ɗan bambancin daga girman matsawar ne. Amsar farko mai +1/4 kuwa tana ba da kusan 14.80, ninki biyu, ba a bukatar gilashi kafin a gani. Idan akwai sin ko cos a ciki, a tabbata kalkuleta tana kan Rad, domin a kan Deg amsa mai kyau ma za ta faɗi gwajin.

Injiniyar_Ruwa

Wannan shawara ce mai kyau, sai dai a kula da wurin da aka zaɓa. Wuri ɗaya yana iya yaudara. Koma kan misalin Bazazzagi: 2x/(x²+1) da 1/(x²+1) ba abu ɗaya ba ne, amma a x = 0.5 sun yi daidai da juna, tunda 2x ya zama 1. Haka nan 0 da 1 suna ɓoye kurakurai da yawa, saboda x da x² da x³ duk ɗaya suke a can. Ni nakan ɗauki lamba marar daɗin gani kamar 1.3, in kuma abin yana da muhimmanci in ƙara ta biyu.

Bazazzagi_92

Ba a amsa masa maganar lokaci ba. A jarrabawar da za a ba ka tambayoyi da yawa cikin awa biyu, ni ban ga yadda za a duba kowace ba. Wani lokaci difarenshiyeshan na amsar ya fi intigireshan ɗin tsawo, musamman idan akwai ln biyu ko uku daga rarraba kashi, sai ka haɗa su wuri ɗaya kafin ka ga ko sun dace.

Malam_Mai_Alli

A kan wannan rabin gaskiya tana wurinka. Akwai amsoshin da dubawarsu ta alƙalami tana cin minti biyar, kuma a irin waɗannan ina ba ɗalibaina shawarar su sa lamba ɗaya kamar yadda Tsohon_Ɗalibi ya nuna, ko su duba rarraba kashin tun kafin su yi intigireshan, tunda a can kuskuren yake yawan aukuwa. Amma cos(3x) da ire-irensa a ka ake duba su, kafin alƙalami ya bar takarda. Inda na saɓa da kai shi ne a gida. Ɗalibin da ya duba kowace amsa a aikin gida na tsawon zango yana yin atisayen difarenshiyeshan sau ɗaruruwa ba tare da ya ware masa lokaci ba, kuma saurin da kake cewa babu daga nan yake zuwa.

Mai_Gyaran_Inbata

Ni ban gamsu ba cewa a ka ake dubawa. Kuskuren da ka yi a ka, a ka za ka maimaita shi. Gara a rubuta layin ko da a gefen takarda ne, ido ya gani.

Ɗan_Aji_Ɗaya

Na koma kan sauran tambayoyin takardar da hanyar malamin. A ta ɗaya na samu ninki huɗu na abin da aka ba ni, na raba da huɗu na sake dubawa, ta dace. Ta biyar ce ta tsaya mini. An ba mu intigiral na 1/(x − 3), na rubuta ln(x − 3) + C, na duba ya dawo 1/(x − 3) daidai, amma mai makin ya zagaye amsar da jan biro ya rage mini maki ɗaya. Ban ga abin da gwajin ya rasa ba.

Injiniyar_Ruwa

Ka sa x = 1 a cikin tambayar, za ka samu −1/2, lamba ce lafiyayya. Yanzu ka sa x = 1 a cikin amsarka, za ka tarar kana neman ln(−2), wanda kalkuletarka za ta ƙi. Amsarka tana aiki ne a inda x ya fi 3 kawai, tambayar kuwa tana da rai a ɓangarorin biyu. Abin da mai makin yake nema shi ne ln|x − 3| + C, da sandunan nan biyu. Lokacin da ka yi difarenshiyeshan ka bi doka da alƙalami ba tare da ka tambayi a ina dokar take aiki ba, shi ya sa bai nuna maka komai ba. Ka kai wa malaminka wannan tambaya ta biyar tare da misalin 1/x² da na kawo a sama, ina so in ji abin da zai ce.

Ɗan_Aji_Ɗaya

Zan kai masa ranar Asabar in sha Allahu, kuma zan dawo muku da amsarsa.